Awa 152: Yadda A Ke Lissafin Obataya A Asibitocin Ostareliya

Asibiti ba ya rufe ƙofa, saboda haka ma'aikatan jiyya su kan karɓi juna dare da rana, kuma da wuya mako biyu su zo wa mutum daidai. Wani makon aiki ya yi masa yawa, wani ya samu sauƙi. To, da wane ma'auni akawun albashi zai gane awoyin da suka wuce ƙa'ida, waɗanda a ke biyan obataya a kansu?

A ƙasar Ostareliya, dokar ƙwadago ta 1 ga watan Yuli 2009 ta sa awa 38 ne aikin mako ga cikakken ma'aikaci. Amma ƙa'idar aikin ma'aikatan jiyya ta 2020 ta yarda a auna da awa 76 cikin mako biyu, ko awa 152 cikin kwana 28, watau 38 sau huɗu. In an zaɓi na ƙarshen, ba a yi wa mako ɗaya hukunci shi kaɗai, sai an haɗa huɗun.

Bari mu ɗauki misalin wata nas. Makon farko ta yi duti biyar na awa goma-goma, ya zama 50. Mako na biyu duti uku, awa 30. Na uku duti huɗu, awa 40. Na huɗu kuwa duti huɗu na awa takwas-takwas, 32. Da mako-mako a ke lissafi, da ta ci obataya na awa 12 a makon farko da awa 2 a na uku. Amma in an tara duka, 152 ne cif, don haka ba ta bin asibiti ko kwabo. Kowa ya duba zai ga ribar tsarin ta fi karkata wajen mai biyan albashi. Abin da nas ta samu shi ne hutun kwana huɗu a makon nan na biyu, kuma ga mai iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ƙa'idar ta yi wa rana guda iyaka, nan ne kuwa akawuna su kan yi tuntuɓe. Duti ɗaya ba ya wuce awa goma, ban da lokacin cin abinci. A ce ran Laraba ta makon na biyu wadda za ta karɓe ta ta makara, nas ɗin nan ta yi awa 12. Akawu mai gaggawa sai ya ce ai makon nan awa 32 kaɗai ta yi, bai ko kai 38 ba, ina zancen obataya? Ya yi kuskure. Awa biyun nan sun ƙetare iyakar rana, sun zama obataya nan take, ba su jiran ƙarshen zagaye. Daga Litinin zuwa Asabar, a kan biya awa biyu na farko ninki ɗaya da rabi, abin da ya biyo baya ninki biyu. Ke nan za ta karɓi kuɗin awa uku. Sa'an nan akawu ya ware su a gefe, kada ya sake zuba su cikin 152, in ba haka ba zai biya abu ɗaya sau biyu.

Yanzu a ce a makon na huɗu an kira ta ran Alhamis, ranar hutunta, ta yi awa takwas. Ranar ba ta wuce awa goma ba, amma jimlar zagaye ta koma 160, ta haura 152 da takwas. Biyu na farko sun zama kuɗin awa uku, shidan da suka rage sun zama na awa 12, watau kuɗin awa 15 gaba ɗaya. Ƙarin da a ke biya don aikin dare ko na Asabar da Lahadi lissafinsa dabam ne, haɗa makonni ba ya shafe shi.

Akwai kuma batun ciwo. Dokar 2009 ta ce hutun da aka ba ma'aikaci izninsa a lasafta shi cikin awoyin makonsa. In nas ɗin ta kwanta rashin lafiya ran wani duti na awa goma a makon na uku, akawu kuma ya rubuta sifiri a wurin, jimla za ta sauko daga 160 zuwa 150, awa takwas ɗin Alhamis su ɓace ba tare da kowa ya lura ba. Hanyar kama wannan ba wuya: a tara awoyin jadawalin da aka kafa tun farko, har da ranakun hutun izni. In ba su ba da 152 ba, akwai ranar da aka bari fanko a littafin.