Mai ƙiyasta asara: aikinsa da yadda ake hulɗa da shi bayan gobara

Idan gobara ta cinye shagon da ke da inshora ko takaful, kamfanin ba ya biyan diyya bisa abin da mai shago ya faɗa kawai. Sai ya turo mai ƙiyasta asara, ƙwararren da a Najeriya hukumar NAICOM ke ba wa lasisi. Kamfanin ne ya ɗauke shi, shi ne kuma zai biya shi ladan aikinsa, amma ƙa'idar sana'arsa ita ce ya rubuta abin da hujja ta nuna. Zai binciki abin da ya haddasa wutar, ya duba ko yarjejeniyar ta haɗa da irin wannan ɓarna, sannan ya fitar da adadin asarar. Rahotonsa shawara ce. Kamfanin ke yanke hukunci, sai dai da wuya ya kauce wa rahoton.

Babban kuskuren da 'yan kasuwa ke yi yana faruwa ne tun kafin mai ƙiyasta ya iso. Wuta na mutuwa sai maƙwabta su taru, cikin zumunci, su kwashe toka da ƙonannun kaya su zubar. To, wannan tarkacen shi ne shaida. Dilar atamfa ba kasafai take ƙonewa ƙurmus ba, cikinta yakan rage, kuma da irin wannan ragowa ake ƙirga yawan kayan da ke shagon. Narkakkiyar wayar lantarki ma takan nuna inda wutar ta faro. Don haka a sanar da kamfani nan take, a ɗauki hotuna da bidiyo kafin a taɓa komai, a nemi rahoton 'yan kwana-kwana. Kayan da suka tsira kuwa wajibi ne a kare su: a shanya waɗanda ruwa ya jiƙa, a kulle ƙofa ko a sa mai gadi. Ɓarnar ruwan kashe gobara galibi ana biyanta, amma yarjejeniyar gobara da aka saba ba ta ɗaukar abin da ɓarayi suka wawashe a cikin hayaniya.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari wanda ya yi wa kayansa inshorar naira miliyan 12. Mai ƙiyasta zai fara da gano darajar kayan a ranar gobarar. Littafin shago ya nuna a ƙirgen ƙarshe akwai kayan miliyan 15, rasit ya nuna an saro na miliyan 11 bayan nan, an kuma sayar da kayan da kuɗin sarinsu ya kai miliyan 6. Ke nan kayan miliyan 20 ne a shagon. Da farashin sari ake lissafin, domin diyya mayar da mutum take yi matsayinsa na kafin gobara, ribar da ya so samu ba ta ciki sai in ya yi mata inshora ta daban.

Wutar ta taɓa kayan miliyan 10, amma akwai ragowar da za a iya sayarwa a miliyan 2, saboda haka asarar ta tsaya a miliyan 8. Nan ne rigima takan tashi. Mai shago yana ganin ai miliyan 8 bai kai miliyan 12 ba, dole a biya shi duka. Amma tunda kashi 60 cikin 100 na kayansa kaɗai ya yi wa inshora, kashi 60 na asarar za a biya shi, wato miliyan 4.8, sannan a cire ɗan kason da yarjejeniya ta ce shi zai ɗauka da kansa. Wannan sharaɗi yana da zafi, musamman a lokacin da farashin kaya ke ninkuwa alhali adadin da ke takarda yana nan yadda aka rubuta shi shekarun baya, kuma a ganina hakkin dillalin inshora ne ya bayyana shi tun ranar sa hannu.

Ranar da mai ƙiyasta zai zo, mai shago ya halarta da kansa tare da yaron da ya fi sanin kayan. Ya zagaya da shi, ya nuna masa komai, har bangon da zafi ya tsage da rufin da ya lanƙwashe, in inshorar ta haɗa da ginin. Idan an tambaye shi musabbabin wutar kuma bai gani da idonsa ba, ya ce bai sani ba. Hasashe irin na "ƙila injin janareta ne" yana iya shiga rahoto ya jawo masa tambayoyi kan ajiye fetur a shago. Ya miƙa kwafin takardu, ya riƙe na asali. In rasit ya ƙone, bayanan banki da kwafin da ke hannun wanda ya sayar masa da kayan suna iya maye gurbinsa.

Kada ya ƙara ko turmi ɗaya a lissafi, kada kuma ya ba da na goro. Ƙarya a neman diyya tana iya soke haƙƙin gaba ɗaya, har da asarar da aka yi da gaske. Idan aka kawo masa takardar amincewa da adadin, ya nemi a nuna masa lissafin dalla-dalla kafin ya sa hannu, domin bayan sa hannu neman ƙari yana da wuya. In bai gamsu ba, ya rubuta wa kamfanin dalilansa tare da hujja, idan abin ya faskara ya kai ƙorafi NAICOM.