Ko ka san abin da ke cinye awa 12 na wankin tanki?

A gidajen haya na Nima da Maamobi da ke Accra, mai kula da gida kan liƙa takarda a ƙofar zaure: "Ranar Asabar za a wanke tanki, babu ruwa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma." Masu haya sai su hau ƙorafi, wane irin wanki ne zai ci wuni guda? Gaskiyarsu ta wani ɓangaren, don wankin kansa bai fi awa huɗu ba.

Mu ɗauki baƙin tankin roba mai cin lita 5,000, irin wanda mutanen Accra ke kira Polytank. Bakin da ruwa ke fita ba a can ƙasan tankin yake ba, an ɗan ɗaga shi da gangan domin laka da tsatsar bututu su kwanta kada su bi famfo. Wannan guntun ruwan sai an kwashe shi da bokiti da soso, a goge bango da buroshi, a zuba sinadarin kulorin a bar shi ya yi aikinsa, sannan a ɗauraye. Awa uku zuwa huɗu ke nan. Duk wanda ya shiga ciki kuma, dole wani ya tsaya masa a bakin murfi, domin warin kulorin a rufaffen wuri yana shaƙe numfashi.

Sauran lokacin na cikawa ne, kuma kowa zai iya lissafa shi. Tara galan ɗin Kufuor mai lita 25 a bututun da ke shiga gidan. In ya cika cikin minti biyu da rabi, lita 10 ke zuwa a minti ɗaya, tankin kuwa zai buƙaci minti 500, wato awa 8 da minti 20. Wannan ma in ruwan bai yanke ba. Ruwan Accra daga Weija da Kpong yake zuwa, kuma kamfanin Ghana Water yana raba shi ne unguwa-unguwa, ba kullum ba. Shi ya sa nake ganin takardar da ba ta dace da ranar sakin ruwan unguwa ba zalunci ce ga matan gidan, domin awa 12 na iya zama kwana uku na sayen ruwa. A Old Fadama, inda jama'a da yawa ke dogaro da tankunan masu sayar da ruwa da gidajen wanka na kuɗi, rufe tanki ɗaya layi guda yake shafa.

Ranar wankin ce kuma ta duba ƙwallon robar nan mai iyo a cikin tanki. Ruwa na hawa tana hawa, har sandarta ta toshe mashiga. In ta huje ta sha ruwa sai ta nutse, alamarta kuwa ambaliya da tsakar dare, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi.

Idan ruwa ya dawo, famfo zai yi tari, ya tofo iska da jan ruwa. A bar shi ya zuba har ya washe kafin a tara na sha.