Tsakure: Inda Wuƙar Marubuci Ya Kamata Ta Faɗa

Mai bincike ya gama takardarsa, ya shiga shafin mujalla zai tura, sai akwatin tsakure ya ƙi karɓar rubutun. Ya rubuta kalma 400, alhali mujallar PLOS ONE, misali, ba ta yarda a wuce 300 ba, wasu ma a 250 suke tsayawa. Tsakure shi ne gajeren bayanin da ke saman takardar bincike, kuma a rumbu irin PubMed sau da yawa shi kaɗai mai karatu ke samu kyauta.

Tun 1987 mujallar Annals of Internal Medicine ta fito da tsarin raba tsakure gida-gida, inda manufa da hanyar bincike da sakamako da kammalawa kowanne ke da gurbinsa. Wannan rabon ne ke nuna inda za a yanka.

Yawancin kitsen yana gabatarwa. A ce binciken kan gidan sauro ne. Marubuci kan ɓata jimla uku yana bayyana cewa zazzaɓin cizon sauro na addabar Afirka, abin da duk mai buɗe takardar ya riga ya sani. Jimla ɗaya ta wadatar. Sannan a dubi manufar: "An gudanar da wannan bincike ne da nufin a gano ko akwai wata alaƙa tsakanin kwana a gidan sauro da raguwar zazzaɓin cizon sauro a tsakanin yara." Kalma 27 ke nan. In aka ce, "Mun duba alaƙar kwana a gidan sauro da raguwar zazzaɓin cizon sauro ga yara," an dawo 14, ma'ana kuwa ba ta gusa ba.

Hanyar bincike ba ta jure irin wannan aski. Dole a bar wurin da aka yi aikin, da lokacinsa, da yawan yaran, da yadda aka zaɓo su. Sunan manhajar lissafi dai ana iya barinsa ga cikin takardar.

Sakamako ne ya cancanci kaso mafi tsoka, amma abin takaici nan masu gaggawa suka fi sara. Sukan share alƙaluma su rubuta "an sami gagarumin bambanci", wanda ba ya gaya wa likita komai. Gara a ajiye babban sakamako ɗaya da alƙalumansa cif, a sadaukar da ƙananan.

Kammalawa kuma tana da tarko. Garin neman ragi, "kwana a gidan sauro na da alaƙa da raguwar zazzaɓi" kan koma "gidan sauro na rage zazzaɓi". An tsira da kalmomi, amma an yi iƙirarin da binciken lura kawai ba zai iya tabbatarwa ba. Shi ya sa bayan an gama ragi ake ɗora tsakuren kusa da jadawalin sakamako, a bi kowace lamba da kowane iƙirari a ga sun dace da abin da ke cikin takardar.