Cinikin wata yana ruɗi: yadda mai shago a Bonkuku zai gane gaba yake yi ko baya

Wanda ya buɗe shago a Bonkuku ya san cewa kuɗi ba sa shigowa garin kullum bai ɗaya. Garin yana ƙasar Imanan, cikin kwarin Dallol Bosso, a kan hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Balayara ta nufi Filinge, kuma ya yi suna da noman dankalin turawa na rani. Idan aka shiga haƙar dankali, daga wajen Janairu zuwa Maris, motoci na lodi zuwa Yamai, kuɗi na yawo a hannun manomi da ɗan ƙwadago, sai ciniki ya buɗe. Idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, sai kasuwa ta mutu murus. Ban da waɗannan ga azumi, ga sallar layya, ga kuɗin da 'yan cin rani ke aikowa gida. Saboda haka idan mai shago ya ce cinikin wannan wata ya fi na watan jiya, bai faɗi komai game da lafiyar shagonsa ba. Wataƙila lokaci ne kawai ya juyo.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ke raba hawa da saukar lokaci da ainihin inda ciniki ya dosa. Ana kiransa matsakaici mai tafiya. Littafin ciniki da alƙalami da na'urar lissafi ta wayar hannu sun isa a yi shi.

Mu ɗauki misalin shago da ke sayar da shinkafa, mai, sukari da taliya. Alƙaluman misali ne na tsara don a ga yadda abin ke aiki, kuma da jika nake lissafi, wato sefa dubu. A shekarar farko ya yi cinikin 520 a Janairu, 610 a Fabrairu, 700 a Maris, 580 a Afrilu, 450 a Mayu, 480 a Yuni. Sai 360 a Yuli, 330 a Agusta, 370 a Satumba, 430 a Oktoba, 470 a Nuwamba, 460 a Disamba.

Za mu fara da na wata uku. A haɗa Janairu, Fabrairu da Maris, a sami 1,830, a raba uku, ya ba da 610. A rubuta shi a gefen Maris. Da Afrilu ya ƙare sai a zubar da Janairu, a shigo da Afrilu: 610 da 700 da 580 sun zama 1,890, a raba uku, 630. Da Mayu ya ƙare a zubar da Fabrairu, a shigo da Mayu, a sami kusan 577. Haka za a yi ta tafiya, kowane wata mafi tsufa ya fita, sabo ya shigo, adadin watannin yana nan uku. Sauran shekarar za ta ba da 503 a Yuni, 430 a Yuli, 390 a Agusta, 353 a Satumba, 377 a Oktoba, 423 a Nuwamba, 453 a Disamba.

Dubi abin da ya faru da watan Yuni. A ɗanyen lissafi ciniki ya tashi daga 450 zuwa 480, a ce saboda hidimar layya, kuma mai shago zai iya ɗauka kasuwa ta farfaɗo har ya ƙaro kaya. A layin matsakaici kuwa wannan ɗan tashin ya ɓace, 577 ne, sai 503, sai 430, gangara ce ba tsayawa. Amfanin lissafin ke nan: wata guda ba ya iya jan hankalin mutum shi kaɗai, sai maƙwabtansa sun ba da shaida.

Amma a lura da kuɗin da aka biya. Ciniki ya kai ƙololuwa a Maris, matsakaicin bai kai tasa ba sai Afrilu. Ciniki ya taɓa ƙasa a Agusta, matsakaicin sai a Satumba, lokacin da kasuwa ta riga ta fara ɗagowa. Kullum yana zuwa a makare, domin labarin da ke cikinsa na watan tsakiya ne. Na wata uku yana makara da wata ɗaya. Na wata goma sha biyu yana makara da wata biyar da rabi, wato adadin da ka rubuta a ƙarshen Disamba yana ba ka labarin tsakiyar shekara ne. Shi ya sa masana ƙididdiga, idan zane za su yi, sukan ajiye adadin a kan watan tsakiya. Mai shago ba sai ya yi haka ba, muddin ya riƙe a ransa cewa labarin baya yake karantawa.

Akwai kuma abin da na wata uku bai iya ba ko kaɗan. Har yanzu layinsa yana hawa da rani, yana sauka da damina, daga 630 har 353. Ya share ƙananan tsalle-tsalle, amma zagayen shekara yana nan daram. A garin da cinikinsa ke bin haƙar dankali da girbin gero, wannan zagayen shi ne babban mai ruɗi, kuma ba abin da ke kawar da shi sai a ɗauki watanni goma sha biyu cif. Dalili kuwa a fili yake. Duk inda ka yanko wata goma sha biyu a jere, a ciki akwai rani ɗaya, damina ɗaya, kaka ɗaya. Lokutan sun biya wa juna bashi, abin da ya rage shi ne alƙiblar shagon.

Mu koma kan misalinmu. Jimillar shekarar farko 5,760 ce, a raba goma sha biyu, 480. Shekara ta biyu ta shigo, aka yi 496 a Janairu, 574 a Fabrairu, 640 a Maris. Mai shago yana murna, daga 460 na Disamba ciniki sai hawa yake. Matsakaicin wata uku ma yana taya shi murna, ya tashi daga 453 zuwa 475, zuwa 510, zuwa 570. To amma a yi na goma sha biyu. A cire tsohon Janairu, 520, a sa sabo, 496: jimilla ta koma 5,736, matsakaici 478. A cire 610 a sa 574: jimilla 5,700, matsakaici 475. A cire 700 a sa 640: jimilla 5,640, matsakaici 470. Ashe a daidai lokacin da aljihu ya fi nauyi, shagon baya yake ja, kuma kowane wata jan ya fi na baya: biyu, uku, biyar.

Kada ƙanƙantar waɗannan lambobi ta sa a raina su. Tun da an raba da goma sha biyu, duk jika ɗaya da matsakaicin ya sauka tana nufin jika goma sha biyu ce ta ɓace a cinikin watan idan an gwada da takwaransa na bara. Saukar biyar ɗin nan ta Maris jika sittin ce. A wata ukun gaba ɗaya an rasa jika 120 cikin 1,830, sama da kashi shida cikin ɗari, kuma a lokacin da ya kamata a tara abin da za a ci da damina. Lissafin ba zai faɗi dalili ba. Ko wani ya buɗe shago kusa da tasha, ko farashin dankali ne ya faɗi bana har manoma suka tsuke hannu, wannan sai mai shago ya fita ya bincika. Aikin lissafin shi ne ya sanar da shi tun a Maris cewa akwai abin bincike, kafin Agusta ta zo ya tarar jari ya zaizaye.

A ganina mai shago ya riƙe layin biyu tare, kowanne da aikinsa. Na wata uku ya taimaka masa wajen sanin yawan kayan da zai saro a makonni masu zuwa. Na goma sha biyu shi za a tambaya idan maganar ƙara ɗaki ce, ko ɗaukar yaron shago, ko cin bashi don faɗaɗa jari. Wanda yake da kwamfuta, idan cinikin watanni yana jere a layin B daga gida na biyu, sai ya rubuta wannan a gefen wata na goma sha biyu, ya ja shi ƙasa:

```
=MOYENNE(B2:B13)
```

Idan manhajar ta Turanci ce, sai a sa `AVERAGE` a madadin `MOYENNE`.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne farashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakokin da ya biyo baya, kayan masarufi irin su shinkafa sun yi tsada a Nijar. Mai shagon da ke lissafi da kuɗi kaɗai zai iya ganin matsakaicinsa yana hawa a irin wannan lokaci alhali buhunan da yake sayarwa raguwa suke yi. Hanyar ganewa ita ce a zaɓi kaya biyu ko uku da suka fi tafiya, a riƙa rubuta adadinsu, buhu nawa, jarka nawa, katan nawa, a yi musu nasu matsakaicin. Idan layin kuɗi na hawa, na buhu na sauka, tsada ce ake gani, ba bunƙasa ba.

Sai watan da ya fita daban. A ce wata ƙungiya ta zo ta sayi kayan jika ɗari shida a tashi ɗaya. Wannan zai ɗaga matsakaicin goma sha biyu da jika hamsin, ya zauna a ciki shekara cur, sa'annan ranar da watan ya fita layin ya faɗo da hamsin ba tare da wani abu ya sami shagon ba. Don haka duk lokacin da layin ya yi tsalle, a duba watan da ya fita kamar yadda ake duba wanda ya shigo. Azumi ma yakan yi irin wannan wasa, tun da kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya. A 2024 sayayyar ƙaramar salla ta faɗa farkon Afrilu, a 2025 kuwa ƙarshen Maris. Wanda ke lissafi zai ga layinsa ya ɗan ɗaga a Maris na 2025, ya koma a Afrilu. Motsin wata guda irin wannan ba hukunci ba ne, sai layi ya bi gefe ɗaya wata uku ko huɗu a jere kafin a yarda da shi. Haka nan a garin da cinikinsa ya dogara da kasuwar mako, wani watan kasuwa ta ci sau huɗu, wani sau biyar, kuma wannan kaɗai ya isa ya karkatar da na wata uku.

Bashi kuma a tsai da masa ƙa'ida ɗaya. Ko dai a rubuta ciniki ranar da kaya suka fita, ko ranar da kuɗi suka shigo, amma kada a gauraya. Manomi yakan ɗauki kaya da damina ya biya bayan ya sayar da dankali, to idan an rubuta sau biyu, ko an canza ƙa'ida a tsakiyar shekara, lissafin ya lalace. Watan da ba a rubuta ba kuma kada a sa masa sifili, a bar gurbinsa da alama, domin sifilin zai ja layin ƙasa har wata goma sha biyu.

Mai shagon da bai taɓa ajiye littafi ba, sai ya cika shekara yana rubutu kafin adadin farko na goma sha biyu ya fito, sai kuma ya ƙara wata uku ko huɗu kafin ya ga inda layin ya nufa. Don haka wanda yake so ya san matsayin shagonsa, ya sayi littafi ya fara rubuta jimillar kowace rana tun daga wannan watan.