Wata uku kafin a bar ta ita kaɗai: yadda ake horar da sabuwar nas a sashen tiyata

Lasisin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya take bai wa wadda ta gama makaranta yana tabbatar da cewa ta yi karatu, ta ci jarrabawa. Bai ce ta san inda ake ajiye tukunyar iskar oksijin a sashen da aka turo ta ba, ko lambar likitan da za ta kira da ƙarfe biyu na dare idan cikin wanda aka yi wa aiki ya fara kumbura. Wannan giɓi ne asibitocin da suka san abin da suke yi suke cikewa da shirin horo na wata uku, kuma a sashen da ake kwantar da masu tiyata aka fi bukatarsa, domin a nan mutum yakan yi hira da 'yan dubiya da la'asar, kafin isha'i a mayar da shi ɗakin aiki a guje.

Shirin yana tsaye ne a kan mutum ɗaya, wato gogaggiyar nas da ake haɗa sabuwar da ita. Ana jera musu ranakun aiki tare, safe da safe, yamma da yamma. Akwai kuma littafi mai ɗauke da jerin ayyuka, kuma ba a sa hannu a gaban kowane aiki sai sabuwar ta gani an yi, ta yi a gaban jagorarta, sannan ta maimaita ba tare da an gyara mata ba. Wata malamar jinya Ba'amurkiya, Patricia Benner, ta bayyana a littafinta na 1984 cewa nas tana hawa matakai biyar daga ɗan koyo zuwa gwani, kuma ko wadda ta daɗe tana aiki takan koma baya idan aka kai ta sashen da ba ta sani ba. Shi ya sa wadda ta yi shekara goma a wajen awon ciki ma ba a ɗauke mata wannan horo idan ta dawo tiyata, sai dai a gajarta mata.

Makon farko na ƙafa ne da ido. Za ta san keken kayan gaggawa da abin da ke cikin kowace aljihunsa, da akwatin magunguna masu ƙarfi da wanda yake riƙe makullinsa, da hanyar ɗakin gwaji da ta ma'ajiyar jini, da abin da ake yi idan wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi. A wannan lokaci ba a lissafa ta cikin ma'aikatan ranar, kuma ba a ba ta gado ko ɗaya a matsayin nata.

Daga mako na biyu zuwa ƙarshen wata ake koya mata shirya mara lafiya kafin a shiga da shi. Ta tabbatar da sunansa da lambar fayil ɗinsa, ta ga ya sa hannu a takardar amincewa, ta duba ko an auna yawan jininsa kuma an tanadi na ƙari, ta tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, ta sa a cire zobe da haƙorin roba. Wani ɓangare na waɗannan tambayoyi yana cikin takardar binciken lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Abin da ya fi ba sababbi wahala shi ne maganar hana ci. Ƙa'idar da aka saba ita ce awa shida babu abinci, awa biyu babu ruwa, don kada abin da ke ciki ya taso ya faɗa huhu idan an yi allurar barci. Amma a asibitocinmu kusan kowane gado da mai jinyarsa a gefe, da fulas ɗin kunu a ƙarƙashi. Idan nas ta tambayi uwa, "Hajiya, ya ci wani abu?" amsar takan zama a'a, domin a wurinta kunu ba ci ba ne, sha ne. Jagora takan koya wa sabuwar ta sake tambayar: "Hajiya, mene ne abu na ƙarshe da ya shiga bakinsa, kuma ƙarfe nawa?" Da wannan tambaya ake gano kofin kokon da zai sa a ɗage aiki.

A wata na biyu ake ba ta gadajenta, biyu ko uku da farko, kuma a fara da masu sauƙi: wanda aka yi wa aikin gwaiwa, ko wanda aka cire wa afendis. Jagora tana kusa, amma ta daina riƙe mata hannu. A nan take koyon karɓar wanda aka fito da shi daga ɗakin aiki. Tsarin da aka fi bi shi ne awo kowane minti 15 a awar farko, sannan kowane minti 30 na awa biyu, sannan duk awa, har a koma duk awa huɗu idan komai ya lafa. Abin da ake aunawa shi ne bugun jijiya, da hawan jini, da numfashi, da zafin jiki, da yawan oksijin a jini, tare da leƙa bandejin ciwo da robar da ke fitar da ruwa daga wurin aikin. Numfashi ne aka fi yi wa ha'inci. Ƙirga shi yana cin minti guda cur, don haka mai gaggawa sai ta rubuta 20 ta wuce, alhali shi ne yakan fara canjawa idan jiki ya soma lalacewa. Jagora mai ido idan ta ga 20 a jere daga sama har ƙasan takarda, ta san ba a ƙirga ba.

Sai lissafin ƙarin ruwa, wanda dole ta iya shi da ka, tunda ba kowane gado ne yake da na'urar da ke auna shi ba. A ce likita ya rubuta lita ɗaya a awa takwas, kuma robar da ake amfani da ita tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Za ta ninka 1000 sau 20, ta raba da minti 480, ta samu kusan ɗigo 42 a minti ɗaya. Tana kallon agogo, ɗigo goma ko sha ɗaya a daƙiƙa 15. Bayan awa huɗu ya kamata rabin litar ya shiga. Idan ta dawo ta tarar saura kaɗan, to wani ya taɓa makunnin, kuma sau da yawa mai jinya ne da yake ganin saurin ƙarewar ruwa shi ne saurin samun sauƙi. Ga tsoho mai raunin zuciya, ruwan da ya shiga da sauri yana iya taruwa a huhu. Ƙarin jini kuwa ba ta yin sa ita kaɗai ko da ta ƙware: mutum biyu ne suke karanta leda da sunan mara lafiya, a zauna kusa da shi minti 15 na farko, kuma leda ba ta wuce awa huɗu a rataye.

Wankin ciwo da cire zare da kula da robar fitsari duk a wannan wata suke, kuma hannu yakan saba da su da wuri.

Abin da ba ya zuwa da wuri, wanda kuma dominsa aka tanadi wata na uku, shi ne karanta awo a jere. A ɗauki misalin saurayi mai nauyin kilo 60 da taifot ya huda wa hanji, ciwon da sassan tiyata na arewacin Najeriya suka saba gani. An buɗe cikinsa da rana, an ɗinke hujin, an dawo da shi. Da ƙarfe takwas na dare bugun jijiyarsa 88, da goma ya kai 104, da sha biyu 122. Hawan jininsa kuwa yana nan wajen 110/70. Sabuwar nas takan dubi hawan jinin ta ce lafiya lau. Gogaggiya ta san cewa jikin matashi yana iya riƙe hawan jininsa na tsawon lokaci ta hanyar ƙara gudun zuciya da matse jijiyoyi, kuma idan ya faɗi, to an riga an makara sosai. Sai ta ɗaga ledar fitsari. Mafi ƙarancin abin da ake so shi ne rabin mililita a kowane kilo a kowace awa, wato mililita 30 a awa ga wannan saurayi, 120 a awa huɗu. Idan 50 ta gani, ga tafin hannunsa da sanyi, ga shi ya kasa kwanciya wuri ɗaya yana ta neman ruwa, to ko jini yake zubarwa a ciki, ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ko ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Tantance wanne ne aikin likita ne. Nata aikin shi ne ta gane, ta tabbatar robar fitsarin ba lanƙwashewa ta yi ba, ta duba kanula tana tafiya, ta sanar da babbarta, ta kira.

Kiran ma ana koyon sa. "Likita, na gado shida jikinsa ba daɗi" ba ya tayar da wanda ya wuni tsaye a ɗakin aiki. Abin da ake so ta faɗi wane ne, wane aiki aka yi masa kuma yaushe, ta karanto lambobin a jere yadda suka hau, sannan ta ce tana bukatar ya zo yanzu. Ta rubuta lokacin da ta kira. Idan bai zo ba, ta kira na sama da shi, kuma shirin horo mai kyau yakan faɗa mata tun ranar farko cewa yin haka ba rashin kunya ba ne, domin tarbiyyar gida ta koya wa yawancinmu jin nauyin tsallake na gaba.

Kowane irin aiki da alamarsa ta haɗari, kuma jagora takan bi su da ita gado gado. Wadda aka cire wa maƙoƙo, idan wuyanta ya fara kumbura numfashi yana ƙara, ba a jira zagayen safe. Wanda aka buɗe wa ciki, idan wajen kwana bakwai zuwa goma aka ga ruwa ja-ja mai yawa ya jiƙa bandeji, ɗinkin ciki ne yake shirin buɗewa.

A wannan wata ne take shiga aikin dare, tare da jagorarta tukuna, kuma take fara miƙa aiki da bakinta ga masu karɓa. Ana zama da ita da shugabar sashe a ƙarshen kowane wata a buɗe littafin nan, a ga abin da aka sa wa hannu da abin da ya rage. Idan ta kai kwana 90 ba ta iya abin da misalin saurayin nan yake bukata ba, ƙara mata makonni ake yi.

Inda shirin yake rushewa sananne ne. Ma'aikata sun yi kaɗan, wasu sun tafi ƙasashen waje, sai a ga sunan sabuwa a jadawalin dare tun mako na biyu, ita da gadaje masu yawa, jagorarta kuma tana hutu. Ko a tara littafin a sa masa hannu gaba ɗaya ranar ƙarshe. Shugabar sashen da ƙarancin ma'aikata ya matsa mata tana iya taƙaita zagayen ofisoshi da laccocin makon farko, ta kuma jinkirta koyon cire zare, amma kada ta bar sabuwar nas ita kaɗai da dare kafin ta gan ta da idonta ta karanta takardar awo, ta auna fitsari, ta ɗauki waya ta kira likita.