Ɓari da Rasuwar Jariri a Ƙasar Karare: Hukuncin Fiƙihu da Makomar Zaman Aure

Gabatarwa

Idan babba ya rasu a Batsari ko Ruma ko Safana, akan yi masa salla, a zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Idan kuwa ciki ne ya zube, ko aka haifi jariri babu rai, abin yakan ƙare cikin sa'a guda: a naɗe shi, a binne, maza su koma gona. Babu suna, babu zaman makoki. Daga nan baƙin cikin yakan koma cikin ɗaki, tsakanin miji da mata su kaɗai. Wannan maƙala za ta duba wurare uku da zamansu yake ƙarfafa ko ya tsinke: ranar binnewa, kwanakin jini, da tambayar abin da ya jawo rashin.

Ranar binnewa

A mazhabar Imam Malik, wadda mutanen Karare suke bi, ana rataya hukuncin jariri ga tabbatar rayuwarsa bayan haihuwa, kuma babbar alamarta ita ce kuka. Risala ta Ibn Abi Zaid (ya rasu 386 bayan Hijira) ta bayyana cewa wanda bai yi kuka ba ba a yi masa salla, ba ya gado, ba a gadonsa. Mukhtasar na Shaihu Halil ya sanya wanke shi da raɗa masa suna da binne shi a cikin gida cikin makaruhai. Abin da ake yi shi ne a wanke jinin da ke jikinsa, a lulluɓe shi da ƙyalle, a rufe shi. Hanbalawa sun saɓa: a wurinsu cikin da ya cika wata huɗu ana yi masa wanka da salla, a sa masa suna, domin an riga an busa masa rai.

Matsalar tana zuwa ne daga yadda ake fahimtar wannan hukunci. Miji yakan ɗauka cewa tun da ba a yi salla ba, babu wanda ya mutu. Matar kuwa ta ji motsinsa wata da watanni, nononta ya kawo ruwa, ga kayan goyo a cikin adaka. Al'adar kunya ta ƙara ɗaure ta, musamman idan ɗan fari ne, wanda ko yana raye ba ta kiran sunansa. Sai ta haɗiye kukanta, shi kuma ya fassara shirunta da cewa ta dangana.

Barin sallar hukunci ne na ibada, bai kore matsayin ɗan ba. Ibn Majah ya ruwaito cewa ɓarin zai ja mahaifiyarsa da cibiyarsa zuwa Aljanna idan ta nemi lada a kan rashinsa, ko da yake malamai sun yi magana a kan isnadin. Mijin da ya gaya wa matarsa inda aka binne ɗan, da wanda ya ɗauke shi, ya ambace shi a matsayin ɗansu, ya ba ta abin da zaman makoki yake bai wa sauran masu rashi.

Kwanakin jini

A wurin Malikawa jinin da ya biyo bayan ɓari jinin biƙi ne, ko da abin da ya fita gudan jini ne. Alamar da suka ba da ita ce a zuba masa ruwan zafi: idan bai narke ba, ciki ne. Mafi tsawon wannan jini kwana 60. A cikinsa ba ta salla, ba ta azumi, mijinta ba ya kusantarta. Ma'ana, a lokacin da ta fi buƙatar abin da zai sanyaya mata zuciya, an ɗauke mata salla, kuma sau da yawa an mai da ita gidan iyayenta jinya. Idan akwai abokiyar zama, miji yakan tare a ɗakinta gaba ɗaya, alhali jini ba ya zubar da rabon kwana, domin manufarsa ɗebe kewa ce.

A ƙaddara wata mata a wani ƙauye kusa da Dajin Rugu ta haifi ɗa babu rai a wata na bakwai, kuma shi ne rashi na uku a jere. Bayan kwana goma surukarta ta ce gidan yana buƙatar magaji, gardama ta tashi, miji ya furta saki ɗaya. Wannan saki haramun ne saboda ya faɗa cikin jinin biƙi. Ya auku, amma a mazhabar Malik ana tilasta masa ya mai da ita, kuma an fi so ya riƙe ta har ta yi tsarki, ta yi haila, ta sake yin tsarki, sannan ya zaɓa. Tsakanin nan makonni sun shuɗe, zafin rai ya kwanta. Da kuwa ya sake ta tana da ciki sannan cikin ya zube, da iddarta ta ƙare nan take, babu komawa sai da sabon ɗaurin aure.

Tambayar dalili

Macen da 'ya'yanta suke mutuwa a jere ana ce mata mai wabi, kuma sunaye irin su Ajuji da Ayashe shaida ne cewa Bahaushe ya daɗe da sanin wannan ciwo. Laifin yakan faɗa kan matar, ko kishiya, ko iskoki. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa kusan rabin ɓarin watanni ukun farko daga tangarɗar halittar ɗan tayin ne, ba daga daka ko ɗibar ruwa ba. Zazzaɓin cizon sauro da hawan jini su ma suna kashe ɗa a ciki.

Akwai dalilai biyu da suke kama da wabi, kuma duka biyun na miji da mata ne tare. Na farko saɓanin jini na Rh: idan uwa ba ta da shi, uba yana da shi, ɗan fari yakan tsira, na bayansa su riƙa mutuwa a ciki ko su fito da shawara mai tsanani. Ana kare wannan da allura cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa ko ɓari, amma ba ta aiki idan jinin uwa ya riga ya fara yaƙar na ɗan. Na biyu sikila: idan dukansu AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, kuma takan fara bayyana da kumburin hannu da ƙafa bayan kimanin wata shida. Gwajin jinin ma'auratan biyu, a Babban Asibitin Batsari ko a Katsina, yana raba zato da gaskiya. Ita kuma mai ɓari, idan jini ya ƙi tsayawa, ko ya yi wari, ko zazzaɓi ya biyo, asibiti take buƙata a ranar.

Kammalawa

Akan kafa wa mai kuka hujja da Ummu Sulaim, wadda ta ɓoye wa Abu Ɗalha rasuwar ɗansu har ya huta. Ƙissar tana cikin Buhari da Muslim, amma a ruwayar Muslim Abu Ɗalha ya fusata, ya kai ƙara, Annabi (S.A.W.) ya yi musu addu'ar albarka su biyun, aka ba su Abdullahi. Shi kansa Annabi ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim a shekara ta 10 bayan Hijira, ya kira su rahama. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da ke nuna fushi da ƙaddara. Malamin da ma'aurata suka zo wa da wannan rashi, kafin ya ce sai haƙuri, ya kamata ya tambayi kwana nawa jini ya yi, ko an furta saki, da ko su biyun sun je gwaji. Allah ne Mafi sani.