Rubutun da Kunne Zai Karɓa: Yadda Ake Shirya Sanarwar Rediyo

Tun da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Rediyon Kaduna kuma ya biyo baya a 1962, kunnen Bahaushe ya daɗe yana samun horo. Tsohuwa a tsakar gida tana tankaɗe, rediyo na gefe, daga jimlar farko take gane wanda ke yi mata magana da wanda ke karanta takarda. Na farkon takan tsaya ta saurare shi. Na biyun kuwa sai ta ci gaba da tankaɗenta.

Akan ɗora laifin a kan mai murya, a ce bai iya karatu ba. A ganina, mafi yawan lokaci laifin yana kan takardar da aka miƙa masa. Mai karanta jarida in bai gane layi ba, sai ya koma baya ya sake dubawa. Mai sauraro ba shi da wannan damar, abin da ya wuce kunnensa ya wuce ke nan. Don haka rubutun da aka yi domin ido, ko wane gwani aka ba shi, da ƙamshin takarda zai fito.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce an kawo maka wannan daga wani ofis, ana son a ɗauki murya a sa a rediyo:

"Ana sanar da ɗaukacin al'umma cewa, a ci gaba da ƙoƙarin da ake yi na daƙile yaɗuwar cutar ƙyanda, za a gudanar da aikin allurar riga-kafi ga yara 'yan watanni 9 zuwa 59 a cibiyoyin kiwon lafiya a matakin farko daga ranar Asabar da misalin ƙarfe 8:00 na safe."

Gwada faɗar ta da ƙarfi. Jimla ɗaya ce mai kusan kalma 50, kuma numfashinka zai ƙare kafin ka kai rabi. Inda numfashi ya yanke ba a kan gaɓa ba, a nan murya take komawa ta karatu. Sannan abin da uwa take bukatar ji, wato rana da lokaci, sai bayan kalma 40 ya zo. "Ɗaukacin al'umma" kuma ba kowa ba ne. Babu wanda zai ji da shi ake.

Matakin farko shi ne ka kife takardar. Ka sa mutum ɗaya a zuciyarka, misali maƙwabciyarku mai goyo, ka danna naɗar murya a wayarka, ka gaya mata saƙon kamar kun haɗu a ƙofar gida. Daga nan ka saurara, ka rubuta abin da bakinka ya faɗa. Za ka tarar da kanka ba ka ce "gudanar da aikin allura" ba, cewa ka yi "za a yi allura". Ba ka ce "cibiyoyin kiwon lafiya a matakin farko" ba, "asibitin unguwa" ka ce. Baki ya fi alƙalami sanin kalmar da mutane ke amfani da ita. Bayan ka cire in'ina da maimaicin da ba shi da amfani, abin zai yi kama da wannan:

"Uwar gida, kina da yaron da ya kai wata tara? In bai cika shekara biyar ba, wannan maganar taku ce. Ranar Asabar ɗin nan za a fara allurar ƙyanda. A asibitin unguwarku za a yi, tun daga ƙarfe takwas na safe. Ki taho da katinsa in yana da shi. Ranar Asabar fa, ƙarfe takwas."

Yawan kalmomin bai ragu ba, har ma ya ɗan ƙaru. Abin da ya canza shi ne yadda aka raba kayan. Kowace jimla batu ɗaya ta ɗauko, kuma numfashi ɗaya ya ishe ta. "Watanni 59" lissafin ma'aikatan lafiya ne, babu uwar da ke ƙirga shekarun ɗanta haka, shi ya sa ya koma "bai cika shekara biyar ba", ma'anar kuma tana nan daram. An faɗi Asabar sau biyu da gangan. A rubutun jarida edita zai soke na biyun, amma a rediyo shi ne ya kama wadda hankalinta ya tafi kan tukunya a karon farko. Ka kuma lura an rubuta lambobin da kalmomi. Idan mai murya ya ci karo da 8:00 ko 2,500, sai ya ɗan tsaya ya juya su a kansa, wannan ɗan tsaikon kuwa ana jin sa.

Dubi ƙaramar kalmar nan "fa" ta jimlar ƙarshe. Ita da 'yan uwanta, dai, kuwa, ma da kam, su ne gishirin zancen Hausa, kuma su ne farkon abin da rubutun ofis ke zubarwa. Ka mayar da su inda bakinka ya sa su da kansa. Sai dai wasu in sun gano wannan sai su yayyafa su a kowane layi, sanarwa ta koma kamar wasan kwaikwayo, wanda shi ma kunne yana ganewa. Ɗaya ko biyu a sanarwa gajera sun wadatar.

Akwai wani tarko da ya shafi rubutun boko kansa. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutunmu na yau da kullum. "Mai unguwa ya ce ya zo" tana iya nufin mutumin ya riga ya iso, tana kuma iya nufin ana umartar sa da zuwa. A baki babu ruɗani, don a ta farko ana jan "ya" da sauti sama, a ta biyu kuma gajera ce, sauti ƙasa. A takarda kuwa iri ɗaya suke. Mai murya zai zaɓi ɗaya, ya kai tsakiyar jimla ya gane ɗayar ake nufi, ya yi tuntuɓe. Maganin shi ne marubuci ya toshe ƙofar tun farko, ya rubuta "ya riga ya zo" ko "lallai ya zo".

Shimfiɗar takardar ma tana da tasiri. Ka ba kowace jimla layinta, da manyan haruffa masu saurin karantuwa, ka ja layi ƙarƙashin kalmar da kake son a danna, kuma kada jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi. Idan muryar za ta hau bidiyo ce, kada ka faɗi abin da hoto ya riga ya nuna. In ana ganin mata a layi da goyo, muryar ta faɗi ranar da wurin, ta bar wa hoton sauran.

Kafin a shiga ɗakin ɗaukar murya, ka miƙa takardar ga wanda bai taɓa ganin ta ba ya karanta da ƙarfi, kai kuma ka juya masa baya, agogo a hannunka. Duk inda ya yi tuntuɓe ko ya ja numfashi a tsakiyar jimla, ka sa alama ka gyara rubutun wurin. Sai ka tambayi wani da ya ji sau ɗaya tak: yaushe ne, a ina, su wa za su je? In ya kasa amsa ɗaya daga ciki, wannan batun ya nutse, a ɗago shi zuwa gaba. Idan kuma an sayi daƙiƙa 30 amma karatun ya kai 38, kada ka ce wa mai murya ya ƙara sauri, domin sauri shi ke fara cinye hutun da ke tsakanin jimloli. Ka soke jimla guda sukutum. A misalinmu, ta katin ce za ta tafi, rana da wuri da shekarun yaro su tsaya.